Idan saƙon ya ce "taimako" kawai: inda muke yin kuskure wajen amsawa

Saƙo ya shigo wayarka da tsakar dare: "Don Allah ka taimake ni." Babu ƙarin ko kalma ɗaya. Wanda ya rubuta zai iya zama mai neman rancen dubu biyu da kunya ta hana shi faɗa, zai iya zama wadda jini ya ɓalle mata, zai kuma iya zama ɗan damfara da ya ƙwace lambar ɗan'uwanka. Daga saƙon kaɗai ba za ka gane wanne ne ba, shi ya sa aikin amsarka ta farko guda ɗaya ne: ta tantance ko akwai rai a cikin haɗari.

Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne tambayar "Lafiya?". Bahaushe ko yana kwance a gadon asibiti aka ce masa lafiya, bakinsa zai riga shi cewa lafiya lau. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne "Me ya faru?", domin ka ɗora wa mutum aikin ba da labari alhali da zai iya, da tun farko ya bayar. Wataƙila hannunsa na karkarwa, wataƙila cajinsa ya kusa ƙarewa, wataƙila wanda yake tsoro na zaune kusa da shi. Gyaran shi ne tambayar da za a amsa da kalma ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗaya: "Na gani. Kina cikin haɗari yanzu? E ko a'a." Gaisuwa da tambayar mutanen gida su jira, babu wanda zai kira ka marar tarbiyya saboda ka tsallake su a irin wannan lokaci.

Wata mata a unguwarmu ta sami irin wannan saƙo wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare daga ƙanwarta, wadda ta haihu a gida bayan magariba, mijinta kuma ya yi tafiya. "Yaya ki taimake ni," shi ke nan. Yayar ta rubuta: "Ciwo ne? In kira ki?" Amsa ta zo: "E." Da ta kira, ba ta tsaya kan yaya jiki ba. Ta ce, "Kina ina, ɗakinki ko na Hajiya? Jini ne? Ƙunzugu nawa kika canza tun isha'i? Kina jin jiri?" Ƙanwar ta ce a ɗakinta take, ta jiƙa biyu cikin awa guda, in ta tashi zaune sai ta ga duhu. Wannan ya isa. Mai jego da ke jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya, ga jiri a kai, ba ta jiran asuba. Yayar ta ce ta kwanta ta ɗora ƙafafu kan matashi, ta riƙa murza mararta, ta ƙwala wa surukarta kira. Sannan ta ɗauki wayar mijinta ta kira maƙwabcin ƙanwar mai a-daidaita-sahu, ta bar nata layin a buɗe. Da a ce ta rubuta "Lafiya dai ko?" ta koma barci, mai jegon da ke jin nauyin tada surukarta za ta iya cewa ba komai.

Ka lura ta nemi izini kafin ta kira. A nan ra'ayina ya ɗan bambanta da na masu cewa a danna kira nan take. Idan ɓarayi ne a tsakar gida, ko mace ce ta kulle kanta a banɗaki saboda duka, ƙarar waya ita za ta tona inda take. Tambayar "In kira ka?" daƙiƙa biyar take ci. Idan aka ce a'a, ka ci gaba da rubutu a gajarce: akwai wani kusa da kai? Yana da makami? Idan kuma minti biyu suka wuce shiru, sai ka kira. Ba a ɗauka ba, ka nemi wanda ya fi kusa da gidan ya je ya ƙwanƙwasa.

Sai mantawa da tambayar wuri. Mutane kan ɓata minti goma suna jin yadda hatsarin ya auku, waya ta mutu, a rasa wace hanya ce ma. Wuri ake fara tambaya, da wata shaida da direba zai gane, kamar masallaci, gidan mai ko sunan ƙauyen da aka wuce. Mai WhatsApp zai iya danna alamar haɗa fayil, ya zaɓi Location, sannan Share live location, wanda ke ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. Idan yana cikin mota mai tafiya, ya zaɓi awa 8. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma 122. A Nijar 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana. Ka kira su, amma kada kiran ya hana ka tayar da mai abin hawa na kusa, don agajin hukuma ba ko'ina yake isa da wuri ba.

Akwai kuma masu gaggawar tura kuɗi. Saƙon "taimako" marar bayani tsohuwar ƙugiya ce ta masu ƙwace WhatsApp ɗin mutane: suna jira ka amsa a ruɗe, sai lambar asusu ta biyo baya. Alamunsu sanannu ne. Ba sa ɗaukar kira, sunan da ke kan asusun ba na ɗan'uwanka ba ne, salon rubutun ma ba nasa ba ne. Wanda kullum yake ce maka Kawu yau ya kira ka da sunan yanka. Ka kira ta layin waya na yau da kullum, ka ji murya, ko ka tambayi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Duk wanda ya ce ka turo masa lambobi shida da suka shigo wayarka, naka WhatsApp ɗin yake so ya ƙwace. Sai dai zargin damfara ba hujjar yin shiru ba ne, kira ɗaya ke raba gardama.

Tura saƙon zuwa zauren dangi da "wa ke kusa da ita?" shi ma tarko ne. Mutum arba'in za su gani, addu'o'i su yi ta shigowa, kowa na zaton wani ya tafi. Ka zaɓi mutum ɗaya, ka kira shi, ka ba shi aiki ɗaya: "Baffa, ka je gidan yanzu, ka kira ni da ka isa." Hakan ma ya fi rufin asiri, domin wanda ya rubuto maka kai kaɗai bai ce ka sanar da zuri'a ba.

Idan amsar ta zo da "a'a, ba haɗari," kada ka huce haushin tashin da aka yi maka da "sai ka ce wani abu ne". Ka ce, "To, kuɗi ne, rashin lafiya, ko magana kake so mu yi?" Zaɓi uku ya fi sauƙin amsawa ga mai jin kunya. In kuwa ka ji kalamai irin "na gaji da rayuwa" ko "ku yafe ni", ka tambaya ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, ka ajiye wa'azi a gefe, ka riƙe shi a waya, ka sa wani ya je ya zauna da shi ya kawar da magunguna, fiya-fiya da igiya daga ɗakin, a kai shi asibiti. Idan ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a tafi da kwalbar tare da shi.