Yadda ma'aikaci zai yaɗa rubutun kamfaninsu a LinkedIn ba da tilas ba

Ma'aikata suna yawan tambayar abin yi idan manaja ya turo rubutu a gurup yana cewa kowa ya yaɗa. Ga matakan:

1. Karanta rubutun har ƙarshe.
2. Tambayi manaja a rubuce: wajibi ne ko ganin dama? Shafin naka ne, ba na kamfani ba.
3. In akwai iƙirarin da ba ka tabbatar ba, kamar "kaya na isa cikin awa 24" alhali ka san yakan kai kwana uku, bar rubutun, kada ka yaɗa.
4. Danna Repost, ka zaɓi wanda ake ƙara bayani.
5. Buɗe da cewa a nan kake aiki. In an yi maka alkawarin tukuici, faɗi shi ma.

Hattara: ambaton wurin aikinka a furofayil bai wadatar ba, don yawancin masu karatu ba sa leƙa can.

6. Rubuta jimla biyu da bakinka. Abokan aiki goma su liƙa kalmomi iri ɗaya, nan take ake gane cewa sa su aka yi.
7. Cire sunan kwastoma da farashin da ba a sanar ba daga bayaninka.
8. In ba ka so, amsa a taƙaice: "Ranka ya daɗe, wannan karon a ɗauke mini."
9. Adana saƙonnin in matsi ya ci gaba, ka kai wa sashen kula da ma'aikata.