Darasi na 6: Duba littafin gona kafin ka yarda da ribar da ke ciki

To, kowa ya buɗe littafinsa ya ɗora yatsa a layin farko inda aka rubuta girman gona. Kada ka kalli kuɗin tukuna. Lambar da ke wurin ba ta isa ba, karanta kalmar da ke kusa da ita: eka aka rubuta ko hekta? Ba ɗaya ba ne. Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, kuma hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Sake faɗi da bakinka, hekta ɗaya eka biyu da rabi. Yauwa, haka nake so.

Ga littafin wani manomi a matsayin misali. Gona eka 5, girbi buhu 40, kowane buhu kilo 50, wato kilo 2,000 ke nan. A ƙasa ya rubuta wai kilo 400 ya samu a kowace hekta. Ina kuskuren yake? Ya raba 2,000 gida 5, alhali biyar ɗin nan eka ce, abin da ya samo amfanin eka ɗaya ne amma ya kira shi na hekta. Sai a fara mayar da eka zuwa hekta, a raba 5 da biyu da rabi, a samu hekta 2. Yanzu raba 2,000 gida 2, kilo 1,000 a hekta. In ka rikice ba komai, koma layin farko ka sake dubawa, eka ko hekta?

Wallahi nan ne kuke ba ni wahala, kullum sai na faɗa amma da an ga lamba sai a hau rabawa ba a karanta kalmar ba, gaggawar me ake yi? Kalmar tukuna, sannan lissafi. In littafin bai faɗi ko wanne ne ba, a tambayi mai gonar, kada a yi cinta.

Sai kuɗi. Ya sayar da amfanin duka a 400,000, ya kashe 240,000 a iri da taki da ƙwadago. Ribar gona duka 160,000, ta hekta ɗaya 80,000. Shi kuwa ya ɗauki cinikin hekta ɗaya, 200,000, ya cire kuɗin da ya kashe a gonar gaba ɗaya, sai ya ga asarar 40,000 wadda babu ita. In za ka cire, to na hekta da na hekta, ko na duka da na duka.

Buhu ma a tambaya kilo nawa ne, don mai kilo 50 daban, mai 100 daban. Tan ɗaya kilo 1,000 ne.

Aikin gida: gona eka 10, buhu 60 masu kilo 100. Kilo nawa a hekta? A fara da layin farko.