Yadda ake ware nannaɗaɗɗen gashi a Photoshop ba tare da sabon launi ya malala bango ba

Wanda ya taɓa sauya launin gashi a hoto ya san inda gizo ke saƙar. Tsakiyar kai ba ta ba da wahala. Silayen da suka tashi a gefe, da ƙananan ramukan da ke tsakanin nannaɗe-nannaɗen gashin, su ne ke tona asiri. Sau da yawa sili yakan fi ɗigon hoto siranta, don haka ɗigon rabi gashi ne, rabi bango. Idan ka zaɓe shi gaba ɗaya, launin zai hau bango, sai ka ga wani jan hazo ya zagaye kan. Maganin shi ne ka bar hasken hoton ya yi maka zaɓin, maimakon ka bi gashin da hannu.

A ce hoton wata mata ce mai baƙin gashi, tana tsaye gaban bango mai ruwan toka mai haske, ana so gashin ya koma ja-ja.

Ka buɗe Channels ka duba Red, Green da Blue ɗaya bayan ɗaya. Wanda gashin ya fi duhu a cikinsa, bangon kuma ya fi haske, shi kake nema, kuma a irin wannan hoto galibi Blue ne. Ka ja shi zuwa alamar ƙirƙirar sabo da ke ƙasa don ka sami kwafi. Kada ka taɓa na asali, launin hoton ne zai lalace.

A kan kwafin, ka danna Ctrl+L don buɗe Levels. Idan hasken bangon yana wajen 200, ka jawo farar kibiyar daga 255 zuwa kamar 190, bango zai koma fari fat. Baƙar kibiyar kuwa a hankali, 40 ta isa. Nan ne mutane ke yin zarin hannu. Suna so komai ya zama baƙi ƙirin ko fari fat, sai silayen su tsinke su zama kamar ɗigon tawada. Ka ƙara girman hoton zuwa 200% ka kalli gefen kai. Silayen su kasance ruwan toka, a haɗe. Wannan tokar ita ce ke sa launi ya hau su kaɗan-kaɗan daidai da kaurinsu.

Sai ka ɗauki burushi mai laushi, ka sa Mode ɗinsa a Overlay, Opacity kamar 30%. Da farin launi ka shafa bango da ramukan cikin gashi: zai haskaka abin da yake da haske, ya kusan ƙyale mai duhu. Da baƙi kuma ka cike tsakiyar gashin. Bayan haka ka danna Ctrl+I, gashi ya koma fari. Fuska da riga ma za su yi fari, to ka mayar da burushin Normal, Opacity 100%, ka shafe su da baƙi.

Ka riƙe Ctrl ka danna ƙaramin hoton kwafin, zaɓin zai fito. Ka danna RGB, ka koma Layers, ka ƙara leyar Hue/Saturation. Zaɓin zai zama Layer Mask da kansa. Ka kunna Colorize, Hue wajen 15, Saturation wajen 35, sannan ka sauya yanayin leyar zuwa Color. Baƙin gashi ba ya karɓar launi sosai, don haka ka sake ɗauko zaɓin, ka ƙara Curves a ƙarƙashin leyar launin, ka ɗan ɗaga duhun.

Ni ba na yarda da aikin sai na kai Saturation 100 na ɗan lokaci. Duk inda launi ya malala zai fito ɓaro-ɓaro, musamman cikin ramukan nan. Idan ka gani, ka danna gefen sunan leyar launin sau biyu, ka je Blend If, layin Underlying Layer. Ka jawo farar kibiyar zuwa 200, ka riƙe Alt ka raba ta biyu, ka kai rabin hagu wajen 150. Yanzu launin ba zai zauna kan wuri mai haske ba. Amma ka duba ƙyallin gashin: idan shi ma ya rasa launi ya koma toka, ka matsar da rabin hagun zuwa dama kaɗan.

Feather kuwa ka nisance shi, shi ne ke haifar da hazon. Decontaminate Colors ma ba nan ne wurinsa ba, tunda ba bango za ka sauya ba.

Idan bangon duhu ne kamar gashin, Channels ba za su raba su ba. Sai ka koma Select and Mask, ka bi gefen da ƙaramin Refine Edge Brush. Silayen da suka ƙi fitowa ka bar su da launinsu na asali; ido ba ya lura da baƙin sili biyu-uku a kan bango mai duhu.