Darasi na Tara: Idan Waya Ta Dagula Saƙo

Wata rana ƙanenka ya aiko maka da wannan saƙo:

`Can so gone da safe in kayo kudos asibiti`

Ka karanta sau uku ba ka gane ba. Kada ka yi saurin cewa bai iya rubutu ba. Wayarsa ce aka saita da Turanci, tana ɗauke da ƙamus a cikinta. Duk kalmar Hausa da ba ta samu a ƙamus ɗin ba, sai ta ɗauka kuskure ne, ta musanya ta da kalmar Turanci mafi kama da ita, idan akwai. Shi kuwa ya tura bai duba ba.

Abin da zai taimake ka shi ne, wayar ba ta yin nisa. Harafi ɗaya ko biyu take canzawa, tsawon kalma kuma ba ya sauyawa sosai. Doguwar kalma irin "asibiti" takan tsira, don ba ta da 'yar'uwa a Turanci. Haka "safe", tun da a Turanci ma akwai kalma mai wannan rubutun.

To, fara da waɗanda suka tsira: da safe, asibiti. Ka san yanzu maganar lokaci ce da ta rashin lafiya. Sai ka karanta sauran da babbar murya, da bakin Hausa, kamar kana jin mai maganar. "Kudos" kusa da asibiti, ai kuɗin asibiti ne. Me ake yi da kuɗi da ya yi kama da "kayo"? Kawo. "Can" da "so" kalmomin Hausa ne na gaske, shi ya sa suke ruɗarwa, amma "can so" ba ta zauna a jimlar ba. "Zan zo" ta zauna daram.

Saura "gone". Dubi madannan wayarka, za ka ga b da n suna maƙwabtaka a layin ƙasa, saboda haka "gobe" ce ta fi kusa: Zan zo gobe da safe in kawo kuɗin asibiti.

Sai dai a nan hasashe ke tsayawa. "Gona" ma harafi ɗaya ne ya raba ta da "gone". Idan kana kwana a gona, wataƙila can zai same ka. Duk inda kalma biyu suka dace, musamman kan rana, wuri ko magani, kira shi ko ka ce ya aiko da saƙon murya.

A taka wayar, idan ta canza maka kalma, danna maɓallin gogewa nan take. A Gboard, manhajar madannai ta Google, kalmarka za ta dawo. Don hana ta gaba ɗaya, shiga `Settings` na Gboard, ka nemo `Auto-correction` ka kashe. Kana iya ƙara Hausa a `Languages`.

Aikin gida: warware wannan, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta fara ba ka haske.

`You day dare can kits ka`