Wasiƙar ƙin amincewa da ƙiyasin haraji: kurakuran da ke sa a yi watsi da ita

Ɗan kasuwar da bai miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara ba, ko ya miƙa amma hukumar haraji ta jiha ba ta gamsu ba, doka ta ba hukumar damar ta ƙiyasta masa da kanta. Ma'aikaci ya leƙa shago ya ga diloli har rufi, ko ya duba abin da ya shiga asusun banki, sai ya yanka adadi. Ana iya rage wannan adadin, amma da rubutacciyar wasiƙa, kuma a cikin kwana 30 daga ranar da takardar ta zo hannu.

A kwanakin nan aka fi yin asara. Mutum zai karɓi takarda ya jefa a durowa, ya ce zai ga shugaban kasuwa, ko ya je ofis wani ma'aikaci ya ce masa, "Alhaji, kada ka damu, za mu duba." Maganar baki ba ta tsayar da lissafin kwana. Idan wa'adin ya wuce ba wasiƙa, ƙiyasin ya zama bashi tabbatacce. Ka rubuta ranar da ka karɓa a jikin takardar, ka kai wasiƙarka kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ka dawo da ita gida.

Kuskure na biyu ya fi yaɗuwa, wato mai da wasiƙa koke. Kasuwa ta mutu, iyali sun yi yawa, a dubi girman Allah a yi sassauci. Duk gaskiya ne, amma mai karantawa ba shi da inda zai saka su a lissafi. Abin da yake nema shi ne lambar takardar ƙiyasin, shekarar da ake magana a kanta, lambarka ta haraji, wurin da suka yi kuskure, da adadin da kai ka ce shi ne daidai.

Mu ɗauki mai shagon atamfa da aka ƙiyasta wa ribar naira miliyan 12 a shekara. A ma'aunin da ya fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko ba haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18. Harajin ya kama naira 1,950,000 ke nan. Asusunsa ya nuna miliyan 20 sun shiga, shi ya sa ƙiyasin bai yi wa ma'aikacin kama da zalunci ba. To amma miliyan 2 daga ciki ba ciniki ba ne: kuɗin gini ne da ƙaninsa ya turo, da kwasar adashe. Saura miliyan 18. Kayan da ya sayar ya saro su a miliyan 14.4. Hayar shago 600,000, albashin yaran shago 600,000, kuɗin mota da dako 400,000. Riba ta tsaya a miliyan 2, harajinta naira 180,000. Wannan lissafin shi ne zuciyar wasiƙar, kuma kowane layi yana buƙatar shaidarsa a haɗe: rasit na sari, takardar haya, bayanan banki da aka ja layi a ƙarƙashin kuɗin da ba na ciniki ba. Wanda ba ya ajiye rasit ya haɗa hoton littafin shago da alat ɗin kuɗin da ya tura wa dilolinsa.

A nan wasu ke zarce gona da iri. Su cusa cefanen gida, kuɗin makarantar yara da hidimar biki a cikin ɗawainiyar shago. Ba a cire waɗannan, kuma da zarar ma'aikaci ya ga guda ɗaya sai ya fara zargin sauran. Haka wanda ya rubuta cewa bai ci ko kwabo ba alhali shago a buɗe yake duk shekara. Ka faɗi abin da ka amince da shi, kamar 180,000 ɗin nan, ka biya, ka haɗa rasit ɗin biyan da wasiƙar. Jayayya sai ta koma kan ragowar kawai.

Bayan an miƙa, za a iya kiranka ka zo da littattafai. Ka je, don ƙin zuwa yana ba su hujjar barin ƙiyasin yadda yake. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ba hukuma kwana 90 ta amsa. Idan amsar ta zo cewa ba za a gyara ba, kana da wasu kwana 30 na kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna, kuma kwafin nan mai hatimi na cikin takardun farko da za ka buƙata a can.