Darasi na Bakwai: Mayar da Firinta Yadda Ta Fito daga Kamfani Kafin a Miƙa Ta ga Wani

A ɗauka cewa wani mai shagon buga takardu a Samaru zai sayar da firintarsa ga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari. Ya share mata ƙura, ya haɗa ta da wayoyinta, amma abin da ke cikinta yana nan. Firintar da ake haɗawa da intanet tana riƙe sunan Wi-Fi na shagon da kalmar sirrinsa. Idan kuma mai aika takardu ce ta imel ko faks, to akwai adireshi da lambobin mutane a ajiye.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar wutar ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba. In akwai janareto ko inbata, gara a yi da su. Sai a shiga `Setup` ko `Settings` a allon firintar, a nemi wurin mayar da saiti. Sunansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: a firintocin HP da yawa ana ganin `Restore Factory Defaults`, a na Canon kuwa `Reset settings`. A danna, a amince, sannan a jira ta gama da kanta.

Wannan yakan share saitin da mai ita ya canza, kamar girman takarda da harshen allo. Sai dai a wasu firintocin bai taɓa saitin intanet, domin an ware masa nasa wurin, wanda a HP ake kira `Restore Network Settings`. A nan ne mutane suka fi yin kuskure. A shekarar 2023 kamfanin Canon da kansa ya yi gargaɗi cewa a firintocinsa masu tawadar ruwa da dama bayanan Wi-Fi suna iya saura bayan an mayar da saiti, ya kuma ba da shawarar a share duka, a kunna Wi-Fi, sannan a sake sharewa karo na biyu.

Saboda haka kada mai shagon ya dogara da saƙon da allo ya nuna masa. Ya buga takardar rahoton saitin intanet ya karanta. Muddin sunan Wi-Fi na shagonsa ya fito a jiki, aikin bai kammalu ba. A ganina, ko da sunan ya ɓace, ya dace ya canza kalmar sirrin Wi-Fi ɗin.

Lissafin shafukan da firintar ta buga tun tana sabuwa galibi ba ya gogewa, kuma mai saye yana da haƙƙin ganinsa. Manyan injinan hoton takardu kuwa, irin na ofisoshi, wasunsu suna da faifan ajiya a ciki inda hotunan takardu ke iya zama, kuma mayar da saiti ba lallai ya share shi ba. Wannan sai a kira makanikin da ya san injin. Kafin a ɗora firintar a kan babur, a ɗaga murfin gilashin a duba, domin a nan ake yawan manta katin shaidar wani ko takardar sakamakon ɗalibi.