Kurakuran masu shigo da gwal daga Dubai: inda dala da farashi ke cinye jari

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin yaran da suka shigo sana'ar nan: "Alhaji, na sayar da kayan duka, na ci riba, amma da na koma Dubai kuɗin bai sayo abin da na sayar ba." Wanda ya faɗi haka bai ci riba ba, asara ya yi, lissafin naira ne ya rufe masa ido. Mai shigo da gwal abubuwa biyu ke jan ƙafarsa lokaci guda, farashin gwal a kasuwar duniya da farashin dala a hannun 'yan canji, kuma kowanne da tasa hanyar yake tafiya.

Bari mu fara da lissafin da ya kamata ya zauna a kan kowa. Farashin da kake gani a waya da sunan XAUUSD na oza ɗaya ne ta gwal tsantsa, oza kuwa giram 31.1 ce. Gwal mai karat 21, wanda matanmu suka fi so, kashi 87.5 cikin ɗari ne kawai tsantsa. To idan oza tana dala 2,000, giram ɗaya na karat 21 ya kama wajen dala 56, kafin kuɗin ƙira da tikiti da sauran ɗawainiya. In dala tana naira 750, giram ɗin naira 42,000 ne. In dala ta koma 1,500, ya zama 84,000, alhali gwal bai motsa ko kwabo ba a kasuwar duniya ta Landan. Kada dirhami ya ruɗe ka don da shi kake biya a kasuwar gwal ta Deira a Dubai: an ɗaure shi da dala a kan 3.6725, saboda haka bashin dirhami bashin dala ne.

Kuskure na farko, kuma wanda ya fi kashe jari a hankali, shi ne ƙirga dukiya da naira. Mutum ya sayo giram a 42,000, bayan wata biyu ya sayar a 48,000, yana murna da ribar dubu shida, ba ya tambayar nawa zai kashe yau ya mayar da giram ɗin cikin gilashinsa. In mayarwar ta kai 55,000, ya ba da kyautar dubu bakwai a kowane giram. Ni littafina na shago da giram nake rubuta shi. Ƙarshen wata abin da nake dubawa shi ne, giram nawa nake da shi a farko, nawa ne yanzu. Farashin sayarwa kuma kullum da safe nake fitar da shi daga farashin oza na ranar da canjin ranar, ba daga tsohon rasit ba. Maƙwabcinka na iya karya farashi da tsohon kaya ya kwashe maka masu saye na mako biyu. Bar shi, jarinsa yake rabarwa.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne barin naira ta kwana. Daga ranar da ka sayar zuwa ranar da ka biya a Dubai, ba gwal kake riƙe da shi ba, takarda ce. Masu tara kuɗin ciniki na wata uku "sai tafiya ta zo" sun ga ta kansu bayan Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023. Ɗabi'ata ita ce abin da na sayar yau in mayar da shi gwal ko dala kafin gobe da la'asar. Hanya mafi sauƙi tana bakin ƙofarka: tsohon gwal da mata ke kawowa su sayar. In ka sayar da giram 50 ka sayi tsoho giram 30 a yinin, giram 20 kaɗai ya rage maka a buɗe.

Yanzu ga wanda ya ƙona ni. Tsakiyar 2023 wata Hajiya ta zo da odar kayan lefe, sarƙa da awarwaro da 'yan kunne, giram 200 na karat 21, biki a Disamba. Gwal yana kusa da dala 2,000, dala tana wajen 750 a kasuwa. Kuɗin gwal ɗin ya kama kamar dala 11,250, wato naira miliyan 8.4 da 'yan kai. Na ɗora ƙira da riba, muka yanke miliyan 9.5, ta ba da rabi kafin alƙalami, muka rubuta. Me na yi da kuɗin? Na zuba su a wata hidima, ina cewa Disamba da nisa, kuma kowa a kasuwa yana rantsuwa dala za ta sauko. Da na tashi sayen kayan dala ta kai wajen 1,200. Gwal ɗin kaɗai ya ci naira miliyan 13.5. Na cika alkawari, don ba zan kunyata mace a bikin ɗanta ba, amma miliyan huɗu na ciro daga aljihuna kafin a yi maganar kuɗin ƙira. Abin haushin, farashin gwal kusan bai canza ba. Na kwana ina kallon oza a waya, ashe ɓarawon ta ƙofar canji ya shigo.

Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Ranar da ka yanke wa mutum farashi da naira, ka sayar da gwal ɗin da ba ka da shi, kuma kai ka ɗauki duk abin da zai faru tsakanin yau da ranar bayarwa. Tun daga nan dokata biyu ce, mai oda ya zaɓa. Ko dai ya biya kuɗin gwal ɗin gaba ɗaya yau, in sayi nauyinsa yau, kuɗin ƙira ya biyo baya. Ko kuma abin da ya bayar in mayar masa da shi giram a farashin ranar, in rubuta a rasit: ya biya giram 110, saura 90, za a biya a farashin ranar cikawa. Wasu suna ɓata rai su tafi. Su tafi. Kuma in kana jin nauyin faɗa wa babbar mace haka, to ka tanadi abin da za ka cika mata da shi, domin kunya ba ta biyan dila a Dubai.

Sai bashi. Yara da yawa suna karɓar kaya a hannun dila ba su san wane irin bashi suka ɗauka ba, alhali iri biyu ne masu haɗari daban. In an yanke farashi, ana bin ka dala adadi kaza. Kayan na gilashi, gwal ya faɗi, bashin bai ragu ba. Kada ka ce gwal ba ya faɗuwa don ka ga ya wuce dala 3,000 a Maris ɗin 2025: a tsakiyar Afrilun 2013 ya zube da fiye da kashi goma cikin ɗari a kwana biyu na kasuwa. In kuwa ba a yanke ba, giram ake bin ka. Muddin kayan na hannunka ba ka da fargaba, domin bashi da kaya tare suke hawa tare suke sauka. Haɗarin yana farawa ne sa'ar da ka sayar. Ka sayar da giram 100, ka kira dila a ranar ka yanke farashin giram 100, ka nemi dalarsa. Wanda ya sayar da kaya ya bar bashin giram a buɗe yana jiran farashi ya sauko, caca yake yi da dukiyar wani. Akwai kuma maganar addini: gwal da kuɗi hannu da hannu ake musayarsu, malamai ba sa wasa da jinkiri a nan. Ka zauna da malamin da ya san ciniki ya duba yadda kuka tsara kafin ka sa hannu.

Akwai kishiyar duk wannan, wato tsoro ya sa mutum ya wuce gona da iri. A Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Na san waɗanda suka ci bashi suka sayi dalar tafiyar wata shida, zuwa Afrilu ta dawo ƙasa da 1,300. Kariya tana nufin ka rufe abin da ake bin ka da abin da ka riga ka sayar, daidai adadinsa. Abin da ya haura haka hasashe ne. In tafiya ta ƙarato kuma ba oda ba ce, ni kashi uku ko huɗu nake raba sayen dala, mako-mako, don kada rana ɗaya mara kyau ta yanke mini hukunci.

Masu boko cikinmu suna tambaya a kan kwantiragin gaba, inda za ka sayar da gwal a takarda don in farashi ya faɗi ribar takarda ta cike asarar shago. Yana aiki, amma a nan ma ana tafka kuskure. Ƙaramin kwantiragin gwal na kasuwar COMEX ta New York, mai suna MGC, oza 10 ne. Kilo ɗaya na karat 21 giram 875 ne tsantsa, wajen oza 28, ba 32 ba. Saboda haka kwantiragi uku ya ɗan zarce, biyu bai kai ba, kuma wanda ya lissafa da nauyin kaya maimakon tsantsa ya sayar da abin da bai mallaka ba. In ka sayar da uku gwal ya hau da dala 100, za a cire maka dala 3,000 a asusu a ranar, a ce ka cika. Kayanka na Kano sun ƙara daraja, gaskiya ne, amma sarƙa ba ta shiga asusun dillali. In ba ka da dala a ajiye za a rufe maka a kan asara. Sannan wannan kwantiragin bai taɓa matsalar naira ko kaɗan, kuma malamai da dama ba su yarda da shi ba. Ni ba na yi. Ya fi dacewa da mai bashin dala babba a kan kaya masu jinkirin fita.

Ƙananan kurakuran kuwa ga su a gurguje. Kada ka yi lissafi da canjin da ka ji a labarai, yi da wanda za ka samu dala a kansa da gaske yau, na banki ne ko na Wapa. Kuɗin ƙira ba ya dawowa in an narke kaya, don haka kada ka ƙirga shi cikin gwal ɗin da kake karewa. Kada ka yanke farashi a waya ka bar shi a buɗe har gobe, ni awa biyu nake bayarwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, to abin da za ku riƙa dubawa shi ne yuro da dala, ba naira ba. Karat 18 kashi 75 ne tsantsa, 22 kuwa 91.6, in kayanka gauraye ne kowanne ka fitar da tsantsarsa daban kafin ka haɗa jimilla a littafi.